Guga na hawa sama shi kaɗai tsakanin ki biyu masu nisa a Blender

Sagir_Ringim
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa gajeren bidiyo kan tsaftar rijiya a Blender 3.6, firem 24 a daƙiƙa ɗaya. Guga ne ake jawowa daga rijiya. Na sa ki huɗu, wato keyframe, a Location Z: firem 1 yana kan 0, firem 25 yana kan mita 2, firem 145 mita 2 ɗin dai, firem 169 ya koma 0. Nufina ya hau cikin daƙiƙa ɗaya, ya tsaya cak na daƙiƙa biyar rubutu ya fito, sannan ya sauka. Amma bayan firem 25 ba ya tsayawa. Ci gaba yake da hawa a hankali, ya ratsa itacen da ke gicciye a bakin rijiyar, a firem 85 na ga Z ya kai wajen 5.4, daga nan ya dawo. Babu ki ko ɗaya a tsakanin 25 da 145. Daga ina wannan hawan yake zuwa?

Malam_Habu_Gwarzo
Wa'alaikumus salam. Buɗe Graph Editor, ka zaɓi gugan, ka danna Home domin layin ya bayyana gaba ɗaya. Za ka ga ya yi tozo tsakanin 25 da 145. Danna ki na firem 25, ka danna N, ka shiga F-Curve, ƙarƙashin Active Keyframe ka karanto mana abu uku: Type na hannun dama, wato handle ɗin da ke dama da ki ɗin, Frame ɗinsa da Value ɗinsa. Ka yi haka ga hannun hagu na ki na 145. Kada ka gyara komai tukuna.

Sagir_Ringim
Malam, duka Automatic ne. Hannun dama na 25 yana firem 65, Value 6.5. Hannun hagu na 145 yana firem 105, shi ma 6.5. Ni na zaɓi duka na danna V na mayar da su Automatic tun farko, don na ji an ce ya fi santsi.

Malam_Habu_Gwarzo
To ga amsarka nan a lambobin da ka kawo. Hannun Automatic ba ya tambayar ko kana son abu ya tsaya. Abin da ya sani shi ne gugan ya iso firem 25 da gudu, don haka yana son ya wuce ta kan ki ɗin ba tare da karyewa ba. Sai ya bar hannun a karkace, yana kallon sama. Karkatar ba ta da yawa, kusan santimita 11 ne a kowane firem. Matsalar tsawon hannun ce. Manhajar tana miƙa shi zuwa sulusin tazarar da ke gaba, tazarar kuwa firem 120 ce, sulusinta 40. Santimita 11 da ɗoriya sau 40, hannun ya haura ki ɗinsa da mita 4.5. Shi ne 6.5 da ka gani.

Layin ba ya taɓa kan hannun, jawo shi kawai hannun yake yi. In ki biyun darajarsu ɗaya kuma hannaye biyun sun tashi da tsawo ɗaya, tozon yana kai kashi uku cikin huɗu na tsawon hannun. Kashi uku cikin huɗu na 4.5 kusan 3.4 ne, ka ɗora a kan 2, ga 5.4 ɗinka a tsakiya, firem 85. In hannu ɗaya ne ya tashi, ɗayan yana kwance, tozon kashi huɗu cikin tara ne, kuma ya fi kusa da wanda ya tashin.

Da tazarar firem 12 ce maimakon 120, da irin wannan karkatar hannun ba zai kai rabin mita ba. Shi ya sa abin ya fi fitowa fili inda motsi mai sauri ya haɗu da doguwar tsayuwa.

Gyaran: zaɓi ki na 25 da na 145, danna V, zaɓi Auto Clamped. Hannayen za su kwanta a kan 2, tozon ya ɓace.

Nura_Kura
Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi ki na 25 ka danna T ka zaɓi Linear. Layin zai miƙe sak har 145. Ba ruwanka da hannaye.

Hauwa_Birnin_Kudu
Malam Nura, tozon zai tafi kam, wannan gaskiya ne, domin T yana shafar yankin da ke gaban ki ɗin ne kawai, daga 25 zuwa 145. Amma duba abin da ya rage a baya. Yankin 1 zuwa 25 har yanzu Bezier ne, kuma hannun hagu na 25 yana nan a karkace. Gugan zai iso sama da cikakken gudunsa ya tsaya tashi ɗaya kamar ya daki bango. A firem 145 kuma zai fizgi saukowa ba tare da ya faro a hankali ba. Ga abu mai nauyi da ruwa a ciki ido zai kama wannan nan take. Vector ma haka yake yi, kusurwa yake bari a kan ki ɗin. Suna da amfani inda ake son dukan, misali ƙwallo ta faɗo ƙasa ko guduma ta sauka a kan ƙusa. A nan shawarar Malam Habu ta fi dacewa.

Nura_Kura
Na yarda da batun isowar. Ni dai in an haɗa Linear ɗin da kwantar da hannun hagu, ban ga laifinsa ba. Ko an matsar da ki daga baya tsayuwar ba za ta sake lanƙwasa ba.

Abba_Dan_Gezawa
Ni ina ganin nauyin fayil ne. In kwamfuta ba ta da ƙarfi ko batir ya yi ƙasa, motsi yakan yi tsalle. Ka rage ingancin hoton a Viewport ka sake kunnawa.

Hauwa_Birnin_Kudu
Abba, wannan wata matsalar ce daban. Jinkirin kwamfuta yana sa a tsallake firem ko motsi ya yi sanyi, amma ba ya canza lambar da ke Location Z. Ya ce ya tsaya a firem 85 ya ga 5.4. Ko a wace kwamfuta aka buɗe fayil ɗin 5.4 za a gani.

Lawan_Jahun
Me zai hana a ƙara ki ɗaya a tsakiya, a firem 85, ya danne layin? Haka nake ganin mutane da yawa suna yi.

Malam_Habu_Gwarzo
Lawan, akwai tarko biyu a nan. Na farko, in ka je firem 85 ka danna I, darajar da ke wurin a lokacin za ta shiga, wato 5.4. Ka kafa tozon ke nan da ƙusa. Sai ka rubuta 2 da hannunka a Value.

Na biyun, ko ka rubuta 2, in hannayen suna Automatic ba ka kashe tozon ba, raba shi ka yi. Yanzu tazarar 25 zuwa 85 firem 60 ce, hannun zai miƙe firem 20, ya tashi kusan mita 1.8. Na tsakiyar zai kwanta saboda ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Kashi huɗu cikin tara na 1.8 kusan santimita 80. To ka samu ƙananan tozo biyu, gugan ya hau ya sauka ya sake hawa. Ka ƙara wasu ki ɗin, su ƙara ƙanƙancewa, har wani yankin ya riƙa nutsewa ƙasa da 2, abin ya koma kamar rawar ɗari. Kuma ranar da aka ce a ƙara tsawon tsayuwar, ki goma za ka ja maimakon biyu.

Lawan_Jahun
Na gane, Malam. Rawar nan na sha ganinta a bidiyon mutane ban san daga nan take ba.

Sagir_Ringim
Na mayar da su Auto Clamped, gugan ya tsaya cak a 2. Allah ya saka da alheri. Sai dai kyamara ta fito da nata. Location X ɗinta: 0 a firem 1, 3 a firem 25, 3.5 a firem 145, shi ne ki na ƙarshe. So nake ta iso da sauri sannan ta riƙa jan jiki a hankali har ƙarshe. Da Automatic tana wuce 3.5 nesa ta dawo. Da Auto Clamped ba ta wucewa, amma kusan duk tafiyar a farko take yinta, daga tsakiya sai ka ce ta tsaya.

Hauwa_Birnin_Kudu
Wannan iyakar Auto Clamped ce, kuma ya kamata a san ta. Alƙawari ɗaya ya ɗauka: layin ba zai wuce darajar ki na gaba ba, ba zai juya baya a tsakani ba. Bai yi alƙawarin raba tafiyar daidai ba. Duba hannun dama na 25, ina kyautata zaton za ka same shi a firem 65 yana kan 3.5 ko dab da shi. So yake ya tashi fiye da haka, aka tare shi a rufin. Hannun hagu na 145 shi ma yana kwance a 3.5. In hannaye biyu duk suna can sama, layin yana cinye kashi bakwai cikin takwas na tafiyar kafin rabin lokaci. A firem 85 kyamarar tana kusan 3.44, santimita 6 kacal suka rage na firem 60. Shi ya sa kake ganin kamar ta tsaya.

Gyaransa da hannu ne. A Active Keyframe, ka bar Frame na hannun dama a 65, ka sauke Value ɗinsa zuwa 3.17, wato sulusin hanya tsakanin 3 da 3.5. Da ka taɓa shi zai bar Auto Clamped ya koma Aligned, hannun hagu ya bi karkatarsa, don haka babu karyewa a kan ki ɗin. In ka bar hannun 145 a kwance, a firem 85 za ta kasance wajen 3.31, ta ƙarasa a hankali ta tsaya. In kana son gudu ɗaya har ƙarshe, sauke hannun hagu na 145 zuwa 3.33.

Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: layin Bezier ba ya fita daga cikin shingen da ki biyu da hannayensu biyu suka zagaye. Muddin Value na hannayen yana tsakanin darajar ki biyun, zarcewa ba za ta yiwu ba. Ba sai ka kunna bidiyo ba, lambobi huɗu za ka duba.

Malam_Habu_Gwarzo
Daidai ne, Malama Hauwa. Ƙari ɗaya: hannun Aligned ba ya sake lissafa kansa. In daga baya ka jawo ki na 145 ya dawo 60, hannun 25 yana nan da tsawonsa na firem 40, ya wuce ki na gaba, siffar layin ta lalace. Don haka a gama tsayar da lokaci tukuna da Auto Clamped, gyaran hannu ya zo a ƙarshe. Haka ma Shift+S sannan Flatten Handles, yana kwantar da hannaye amma yana mayar da su Aligned. Mutane suna ɗaukarsa ɗaya da Auto Clamped saboda a ido iri ɗaya suke fitowa, bambancin sai an matsar da ki.

Mustapha_Bichi
Ku yi haƙuri in shigo da After Effects. Ina da rubutu da ki biyu na Position masu lamba ɗaya, amma tsakaninsu rubutun yana ɗan zamewa gefe ya dawo. Na danna F9 a kansu bai hana ba. Ciwon ɗaya ne?

Umar_Kazaure
Dangi ne, amma wurin gyaran daban. A After Effects, Position yana da hannaye iri biyu: na lokaci, waɗanda kake gani a Graph Editor, da na hanya, waɗanda suke kan allon Composition. F9 na lokaci yake taɓawa. Zamewar da kake gani daga na hanya take, Auto Bezier ya fitar da hannaye a wuri ɗaya sun yi ɗan zobe, sau da yawa ƙarami ne sai ka zuƙo hoton sosai. Zaɓi ki biyun, danna Ctrl+Alt+K, a Spatial Interpolation ka zaɓi Linear. In ba ka son ya sake faruwa, a Preferences ƙarƙashin General akwai Default Spatial Interpolation to Linear. Ko ka danna dama a kan Position ka zaɓi Separate Dimensions, X da Y su samu layi kowanne nasa kamar na Blender.

Masu Maya kuma, Spline ne yake yin wannan tozon. Auto, Clamped ko Plateau suna hana shi, Flat kuma yana kwantar da hannun gaba ɗaya.

Mustapha_Bichi
Spatial ɗin ne. Ya daina. Na gode, Yaya Umar.

Rabi_Rano
In dawo kan Blender, babu wanda ya taɓo Handle Smoothing. Yana cikin F-Curve ɗin nan da Malam ya ce a buɗe, zaɓi biyu ne: None da Continuous Acceleration. Na biyun shi ne na asali a sababbin fayiloli. Yana lissafa hannayen layin tare ne domin sauyin gudu ya tafi ba tsalle, sakamakonsa in ka motsa ki ɗaya za ka ga yankunan da ke nesa da shi sun ɗan motsa su ma. Da None maƙwabta biyu kawai yake dubawa. Ni ina ganin in Sagir ya mayar None tun farko da bai ga wannan ba.

Malam_Habu_Gwarzo
Rabin maganar haka take. None zai canza girman tozon, amma in hannun Automatic ne zai kasance a karkace a firem 25, domin gefe ɗaya hawa ne, ɗayan shimfiɗe, shi kuma tsaka-tsaki yake ɗauka. Tozon yana nan. Inda None yake taimakawa shi ne dogon layi mai ki da yawa da aka riga aka amince da wani sashe nasa, ba a son gyaran gaba ya girgiza na baya. Ko a Continuous Acceleration ɗin ma, yaɗuwar tana tsayawa a ki mai hannun Free, Aligned ko Vector, da kuma ki na Auto Clamped da ke ƙololuwa ko ƙasan kwari. Don haka ana iya kafa ki ɗaya Aligned ya zama katanga. Ga kyamara ni ba na rabuwa da Continuous Acceleration, ya fi taushi a ido.

Rabi_Rano
Ga kyamara na yarda. Ga hannu da ƙafar mutum ni None na fi so, in taɓa nan in san nan kaɗai ya motsa. Kowa da yadda hannunsa ya saba.

Umar_Kazaure
Sagir, tunda ka ce duka ka zaɓa ka mayar Automatic, akwai yiwuwar wasu layukan suna nan da shi ba ka gani ba. V yana aiki ne a kan ki da aka zaɓa a layukan da ke bayyane kawai. Je Dope Sheet, a View ka kunna Show Handles and Interpolation. Da'ira zalla Auto Clamped ce, da'ira mai ɗigo a ciki Automatic, murabba'i Vector. Wata alamar kuma: sandar da ke haɗa ki biyu a Dope Sheet tana nuna tsayuwa ta gaskiya, ba ta fitowa sai darajar ɗaya ce kuma hannayen suna kwance. In kana tsammanin tsayuwa ba ka ga sandar ba, ko tozo ne, ko lambobin ba ɗaya ba ne, misali 2 da 1.97. Don gudun haka a kwafi ki ɗin da Shift+D a ja shi gaba, kada a sake ajiye abin da ido.

In abubuwan suna da yawa, zaɓe su ka gudanar da wannan a Text Editor. Automatic kaɗai yake canzawa, ba ya taɓa waɗanda ka gyara da hannu:

```python
import bpy
for ob in bpy.context.selected_objects:
    ad = ob.animation_data
    if ad and ad.action:
        for fc in ad.action.fcurves:
            for k in fc.keyframe_points:
                if k.handle_left_type == 'AUTO':
                    k.handle_left_type = 'AUTO_CLAMPED'
                if k.handle_right_type == 'AUTO':
                    k.handle_right_type = 'AUTO_CLAMPED'
            fc.update()
```

Na 3.6 ne irin naka. Daga 4.4 an sauya tsarin Action an kawo Slot, masu sababbin fitowa su gwada a kwafin fayil tukuna. Ka kuma leƙa Preferences, Animation, ka tabbatar Default Handles yana kan Auto Clamped, don sababbin ki su zo da shi.

Nura_Kura
Ni fa yanzu wani abu ne ya tsaya mini. Guga cike da ruwa a ƙarshen igiya ba ya tsayawa cak. Duk wanda ya ja ruwa ya san yana ɗan haurawa ya dawo, yana lilo. In an kashe zarcewar gaba ɗaya ba zai zama kamar an manna shi a iska ba?

Hauwa_Birnin_Kudu
Zarcewar da kake magana a kai ana sonta, amma ta ɗan lokaci ce kuma kai ne mai iko da girmanta. Ta Automatic mita 3.4 ce cikin daƙiƙa biyar, ba ta da alaƙa da nauyin guga, tsawon tazara ne ya haife ta. In ana son ta gaskiya a sa ta da ki: firem 25 a ba shi 2.08, firem 31 ya sauko 1.97, firem 38 ya zauna a 2, sai 145 a 2. Duka Auto Clamped. Kowanne daga cikin biyun farko ƙololuwa ce ko kwari, hannayensu za su kwanta da kansu, layin ba zai wuce lambar da ka rubuta ba. Lilon kuma a Rotation za a sa shi, digiri uku ko huɗu yana raguwa, da Origin na gugan a inda igiyar ta ɗaure.

Malam_Habu_Gwarzo
Lambobin sun yi. Sai dai ni a bidiyon koyarwa, lokacin da rubutu yake kan allo, na fi son komai ya tsaya. Yawancin masu kallo a ƙaramar waya za su gani, wasu karatun a hankali suke yi, duk abin da ke motsi yana ɗauke ido daga rubutun. Dawowar ta firem 25 zuwa 38 ta isa, lilon ya ƙare kafin rubutu ya fito.

Hauwa_Birnin_Kudu
Malam, daƙiƙa huɗu da rabi babu abin da ke motsi, mai kallo zai iya zaton bidiyon ya maƙale, musamman inda sabis ke yankewa. Digiri ɗaya ko biyu ba zai hana karatu ba.

Malam_Habu_Gwarzo
Kyamarar ai tana jan jiki a lokacin, ta ɗauke wannan.

Sagir_Ringim
Na sa 2.08, 1.97 da 2 kamar yadda Malama Hauwa ta ce, kyamarar kuma hannunta na 3.17. Rubutun Python na Yaya Umar ya kamo Automatic a Rotation na murfin rijiyar, shi ma yana ɗan nutsewa cikin siminti ban lura ba. Batun lilo zan fitar da kala biyu in tura a waya mu gani. Abin da ya rage, igiyar. Na ɗaura ƙarshenta da Hook a jikin wani Empty mai ki nasa daban, yanzu gugan yana tsayawa amma ƙarshen igiyar yana rabuwa da shi da ɗan tazara tsakanin 25 da 38.

Umar_Kazaure
Layi biyu ne suke ƙoƙarin yin tafiya ɗaya, ka ƙara wa ɗaya ki ba ka ƙara wa ɗayan ba. Goge ki na Empty ɗin gaba ɗaya, ka koma firem 1 ka daidaita shi da mariƙin gugan, ka zaɓe shi sannan gugan, Ctrl+P, Object. In lilon zai shigo, juya abin: Empty ya riƙe Location Z, gugan ya zama ɗansa da Rotation kaɗai. Wanne daga cikinsu ne yanzu yake da ki na 2.08 ɗin?